Kashi 18 na Albashi, Shekara 30 na Jira: Yadda Kuɗin Fansho Ke Girma da Yadda Yake Zagwanyewa

A takardar albashin duk ma'aikacin da ke cikin sabon tsarin fansho na Nijeriya akwai wani layi da ido ke tsallakewa. Shi ne layin da ke nuna an cire kashi 8 cikin ɗari an tura asusun ritaya. Mai ɗaukar aiki kuma zai ɗora nasa kashi 10, su haɗu su zama kashi 18. Kuɗin ba ya ratsawa ta hannun ma'aikacin, saboda haka ba ya jin fitarsa kamar yadda yake jin kuɗin makarantar yara ko kuɗin haya. Sai furfura ta fara fitowa, ritaya ta ƙarato, sannan a shiga tambaya: wai nawa ne ma ya taru?

Amsar na hannun abubuwa uku: abin da ake zubawa duk wata, ribar da kuɗin ke samowa idan aka juya shi, da kuma cajin da masu juyawar ke ɗauka. Kowannensu ƙaramin abu ne a wata guda. Tsawon lokaci ne ke mayar da su manya, kuma ba daidai wa daida suke girma ba.

Tsarin ya fara ne da dokar gyaran fansho ta 2004, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, kuma an ɗauko fasalinsa daga ƙasar Chile, wadda ta soma irin nata a 1981. Kafin nan gwamnati ce ke alkawarin biyan fansho daga kasafin kuɗinta, kuma kowa ya san yadda tsofaffin ma'aikata suka riƙa tagayyara a layin tantancewa. Sabuwar dokar ta ce kowane ma'aikaci ya buɗe asusu da sunansa, wanda ake kira RSA. Kamfanin kula da fansho, wato PFA, shi ke juya kuɗin. Wani kamfani daban, PFC, shi ke riƙe da dukiyar, don kada mai juyawa ya zama shi ne mai ajiya. Hukumar PenCom ce ke sa ido a kansu duka. Da farko kashi bakwai da rabi ne daga kowane ɓangare, jimilla 15. Dokar 2014, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, ita ta ɗaga shi zuwa 18. Zuwa ƙarshen 2024 dukiyar da ke cikin tsarin ta haura naira tiriliyan 22, asusun da aka buɗe kuma sun wuce miliyan 10. Ba kowace jiha ce ta shiga ba. Kano da Jigawa, alal misali, suna da nasu tsarin na gida, wanda lissafinsa ya sha bamban da wanda za a yi bayani a nan.

Bambancin da ke tsakanin tsohon tsari da sabo shi ne, yanzu babu wanda ya yi wa ma'aikaci alkawarin adadi. Abin da asusunsa ya tara, da shi za a lissafa abin da zai riƙa karɓa.

A ɗauki misalin wani ma'aikaci ɗan shekara 28, wanda albashin da ake lissafa masa fansho a kai naira 150,000 ne a wata. Kashi 18 na wannan shi ne naira 27,000, a shekara kuwa naira 324,000. Don lissafin ya fito sarai, za a ɗauka cewa albashin bai motsa ba har shekara 30, kuma ana haɗa zubin kowace shekara a ƙarshenta. Ba haka rayuwa take ba, kuma za a dawo kan wannan a gaba, amma ta haka ne ake iya ganin aikin kowane abu shi kaɗai.

Idan an jibge kuɗin nan ba a juya shi ba, bayan shekara 30 za a tarar da naira miliyan 9 da dubu 720. Idan kuwa yana samun ribar kashi 10 cikin ɗari a shekara bayan an cire caji, za a tarar da wajen naira miliyan 53. Wato fiye da kashi 80 cikin ɗari na abin da ke asusun ba daga albashi ya fito ba, riba ce.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa yin kiwo. Tunkiyar da aka saya bana za ta haihu, 'ya'yanta mata su girma su ma su haihu, jikoki su bi baya, alhali wadda aka saya a shekarar ƙarshe ita kaɗai za ta shiga ƙidaya. Ribar bana tana shiga cikin uwar kuɗi, baɗi ita ma ta jawo tata ribar. A kan kashi 10, kuɗi na ninka kansa kusan duk bayan shekara bakwai. Saboda haka naira 324,000 ta shekarar farko, wadda ta yi shekara 29 tana aiki, za ta zama sama da naira miliyan 5. Ta shekarar ƙarshe kuwa tana nan yadda aka zuba ta. Idan aka raba shekarun gida uku, zubin shekara goman farko shi ne ya haifar da kusan miliyan 35 daga cikin miliyan 53 ɗin, wato wajen kashi biyu cikin uku. Sauran shekara ashirin ɗin, duk da cewa an zuba ninkin wancan a cikinsu, kashi ɗaya cikin uku kawai suka kawo.

Abin takaicin shi ne, shekarun da suka fi kowane lokaci tasiri su ne waɗanda matashin ma'aikaci bai damu da zancen fansho ba. Hankalinsa na kan aure da kayan ɗaki da neman fili.

A fara da zubi, domin shi ne mafi sauƙin fahimta. Idan aka ƙara shi da rabi, abin da zai taru ma ya ƙaru da rabi, babu wani siddabaru a ciki. Da wancan ma'aikacin ya yi duk shekarunsa a ƙarƙashin kashi 15 na tsohuwar doka, da miliyan 44 zai samu maimakon 53. Ƙarin kashi uku da dokar 2014 ta yi ya kai darajar miliyan 9 ke nan a wurinsa.

Amma akwai tambayar da ta fi wannan muhimmanci, kuma ma'aikata kaɗan ne ke yin ta: kashi 18 na mene ne? Doka ta ce a lissafa a kan abin da yarjejeniyar aiki ta kira albashin wata, matuƙar bai gaza jimillar tushen albashi da alawus na gida da na sufuri ba. Nan ne wasu masu ɗaukar aiki ke samun kafa. Sai a tsara albashi ta yadda waɗannan ukun za su zama kaɗan, a tura ragowar cikin wasu alawus masu sunaye iri-iri, na abinci, na sutura, na hutu. Mutum na karɓar naira 150,000, amma a kan naira 90,000 ake yanke masa fansho. Zubinsa ya koma naira 16,200 a wata, abin da zai taru kuma ya sauko zuwa wajen miliyan 32. Ba a karya doka ba, ma'aikacin ma yakan yi murna don abin da ke shiga aljihunsa ya ɗan ƙaru, amma miliyan 21 ta tafi. Gane wannan ba wuya: a ɗauki adadin da aka cire a takardar albashi, a raba shi da takwas, a ninka da ɗari. Abin da ya fito shi ne albashin da ake lissafawa a kai.

Wanda ya fi wannan muni shi ne a cire kuɗin a ƙi turawa. Doka ta ba mai ɗaukar aiki kwana bakwai na aiki daga ranar biyan albashi ya tura zubin, ta kuma ɗora tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na abin da ya riƙe ba a kan kowane wata na jinkiri. Duk da haka ana yi, har PenCom ta ɗauki wakilai na musamman don ƙwato irin wannan kuɗi. A ce wurin aikin farko na wancan ma'aikaci ya cinye masa zubin shekara uku na farko. Abin da aka riƙe naira 972,000 ne, bai cika miliyan ɗaya ba. Amma ranar ritaya asusun zai nuna miliyan 39 maimakon 53, asarar miliyan 14. Da a shekara ukun ƙarshe aka yi masa haka, asarar ba za ta wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Shi ya sa idan tsohon wurin aiki ya zo bayan shekara goma ya biya uwar kuɗin kawai, bai biya haƙƙin da ke kansa ba, domin ribar shekarun nan ma ta ma'aikacin ce. Kuma shi ya sa saƙon da PFA ke turowa a waya, mai nuna cewa zubi ya shiga, ya cancanci a riƙa duba shi kamar yadda ake duba alat ɗin albashi. Idan wata biyu suka wuce shiru, lokacin magana ya yi.

Caji kuwa shi ne ɓangaren da aka fi yi wa gurguwar fahimta, saboda iri biyu ne, kuma wanda ake gani shi ne maras nauyi.

Na farko shi ne kuɗin gudanarwa, wanda bai wuce naira 100 a wata ba, ana cire shi daga zubin da ya shigo. Yana fitowa ƙarara a bayanin asusu, shi ya sa shi ake yawan ƙorafi a kai. Idan aka tara shi na shekara 30 har da ribar da zai samo, bai wuce naira 200,000 ba. A cikin miliyan 53, wannan ba abin ɗaga hankali ba ne.

Na biyu shi ne wanda ake ɗauka a kan dukiyar da ke asusun baki ɗaya, ana raba shi tsakanin PFA da PFC da PenCom. Kafin 2018 jimillarsa kashi 2.25 ne cikin ɗari a shekara. Daga nan hukumar ta riƙa rage shi mataki-mataki, har a 2020 ya tsaya a kan kashi 1.65 ga Fund II, inda mafi yawan ma'aikata suke. Wannan cajin ba ya fitowa a matsayin layi a bayanin asusu. Ana cire shi ne tun kafin a bayyana riba, don haka ribar da mutum ke gani an riga an zabge ta.

Kashi 1.65 ƙaramin adadi ne a kunne. Abin lura shi ne a kan me ake ɗaukarsa. Ba daga zubin bana kaɗai ake cirewa ba, ba kuma daga ribar bana ba. Daga duk abin da ya taru tun ranar farko ake cirewa, kuma kowace shekara. A shekarar farko, sa'ad da asusun ke ɗauke da naira 324,000, cajin bai wuce naira 5,400 ba. A shekara ta talatin, sa'ad da asusun ya doshi miliyan 50, cajin ya kai wajen naira 800,000, wato ya ninka zubin wannan shekarar fiye da sau biyu. Sannan kowace naira da aka cire da wuri ta tafi ne tare da ribar da za ta haifa.

Ga yadda abin ke kasancewa a ƙarshe. Idan ribar kashi 10 da ake ta lissafi da ita ta fito ne bayan an cire 1.65, to ainihin abin da kuɗin ya samo kashi 11.65 ne. Da babu caji kwata-kwata, da asusun ya kai miliyan 73. Cajin ya ɗauke miliyan 20 ke nan, sama da rubu'in abin da zai taru. Ba wanda zai juya wa mutum kuɗi a kyauta, kuma ajiyar dukiya da sa ido ayyuka ne masu cin kuɗi, saboda haka ba a cewa a soke caji. Abin da ya kamata a gane shi ne nauyin kowane ɗan ragi. Da an ci gaba da karɓar 2.25, da ma'aikacin nan ya tashi da ƙasa da miliyan 48. Ragin da bai kai kashi ɗaya ba ya mayar masa da fiye da miliyan 5 da rabi, ba tare da ya ƙara ko kwabo a zubinsa ba. Wannan ya isa ya sa ƙungiyoyin ƙwadago su riƙa sa batun caji a teburin tattaunawa kamar yadda suke sa batun mafi ƙarancin albashi, musamman tunda dukiyar da ake cajin a kanta ta ninka sau da yawa, alhali wahalar juya ta ba ta ƙaru da irin wannan yawan ba.

Tunda PenCom ce ke ƙayyade iyakar caji, kamfanonin ba su cika bambanta da juna a nan ba. Inda suke bambanta shi ne riba, kuma riba ce ta fi sauran biyun ƙarfi. Da zubi ɗaya da shekaru ɗaya, ribar kashi 8 za ta ba da wajen miliyan 37, ta kashi 10 ta ba da 53, ta kashi 12 kuma ta ba da 78. A duba yadda tazarar take: saukowa da kashi biyu ya jawo asarar miliyan 16, hawa da kashi biyu ya kawo ƙarin miliyan 25. Abokan aiki biyu da suka fara rana ɗaya a ofis ɗaya na iya rabuwa da irin wannan tazara, ba don ɗaya ya fi ɗaya ƙwazo ba.

Daga ina ribar ke fitowa? Fiye da rabin dukiyar fansho a Nijeriya na cikin takardun bashin Gwamnatin Tarayya. Sauran na cikin hannun jarin kamfanoni, da takardun bashin kamfanoni, da ajiyar bankuna ta gajeren zango. Takardun gwamnati ba su cika tangal-tangal ba, amma ba kullum suke biya da kyau ba. A ƙarshen 2020 abin da takardun baitulmali na gajeren zango ke bayarwa ya faɗi ƙasa da kashi 1 cikin ɗari, alhali a wannan shekarar kasuwar hannun jari ta Legas ta tashi da kusan kashi 50. Amma ita ma kasuwar a 2008 ta yi mummunar faɗuwar da har yau waɗanda suka sayi hannun jarin bankuna ba su manta ba. Hannun jari ya fi kawo riba idan aka yi dogon zango da shi, sai dai yana buƙatar mai haƙurin jira idan ya faɗi.

Wannan ne ya sa a watan Yulin 2018 aka raba asusun gida-gida bisa shekarun mutum. Lokacin da aka soma, Fund I na iya sa har kashi 75 na dukiyarsa a kadarori masu hawa da sauka irin su hannun jari, Fund II kashi 55, Fund III kashi 20, sai Fund IV na waɗanda suka riga suka yi ritaya kashi 10. Wanda bai kai shekara 50 ba kuma bai ce komai ba, a Fund II za a ajiye shi. Da ya cika 50 a mayar da shi Fund III. Fund I sai mutum ya nema da kansa a rubuce, kuma ba a ba wanda ya kai 50, cajinsa ma ya ɗan fi na sauran. Hikimar a fili take. Ɗan shekara 28 idan kasuwa ta faɗi yana da shekara ashirin da wani abu da zai jira ta farfaɗo, kuma zubinsa na wannan lokacin yana sayen kaya ne da araha. Ɗan shekara 58 da ke da miliyan 45 a asusu, idan aka yi asarar kashi 20, miliyan 9 ta tafi, kuma babu sauran lokacin maye gurbinta.

Ga waɗanda ba sa son dukiyarsu ta shiga harkar kuɗin ruwa, a 2021 an buɗe Fund VI, wanda ke zuba jari a abubuwan da suka dace da shari'a, kamar sukuk ɗin da Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017 don gina hanyoyi. Shi ma sai an nema ake mayar da mutum. Lissafin zubi da caji da ribar da ke haifar riba bai canza ba a cikinsa.

Mutum na iya auna ƙoƙarin kamfaninsa da kansa. Duk zubin da ya shiga asusu yana sayen abin da ake kira yunit, kuma kamfanoni na wallafa farashin yunit na kowane rukuni. Sai a ɗauki farashin yau a gwada da na shekara biyar baya. Idan ya ninka sau biyu, ribar ta kai wajen kashi 15 a shekara, kuma bayan caji ne. A yi wa wani kamfani irin wannan lissafi, a rukuni ɗaya da lokaci ɗaya. Kuskuren da ake yawan yi biyu ne. Wasu na kallon tsadar yunit su ɗauka mai tsada ya fi, alhali saurin hawansa ne abin dubawa. Wasu kuma na yanke hukunci da sakamakon shekara guda, wanda sau da yawa sa'a ce kawai. Tun Nuwamban 2020 aka buɗe damar sauya kamfani sau ɗaya a shekara, don haka wanda ya ga nasa na bin baya shekara biyar a jere ba dole ne ya zauna ba.

Yanzu sai babbar magana, wadda ke rage wa miliyan 53 kwarjini. Naira ta shekara 30 masu zuwa ba naira ta yau ba ce. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 18,000 ne a 2011, ya koma 30,000 a 2019, ya zama 70,000 a 2024, kuma ba wanda zai ce mai karɓar 70,000 ya fi mai karɓar 18,000 na wancan lokacin cika kwandon cefane sau huɗu. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Asusun da ya samu ribar kashi 18 a irin wannan shekara ya ƙaru a takarda, mai shi ya ga lambobi sun hau ya ji daɗi, amma abin da kuɗin zai iya saya ya ragu da fiye da kashi 10. Haka yawancin asusun fansho suka kasance a 2023 da 2024, bayan cire tallafin mai da faɗuwar darajar naira.

Saboda haka riba ta gaskiya ita ce abin da ya rage bayan an cire hauhawar farashi. A sake lissafin da kuɗin yau, a ɗauka albashin mutumin na tafiya kafaɗa da kafaɗa da farashi. Idan ribar asusun ta yi daidai da hauhawar farashi, zai yi ritaya da abin da ya kai darajar naira miliyan 9.7 ta yau, wato albashinsa na wata 65. Idan ribar ta fi hauhawar farashi da kashi 3 a kowace shekara, zai samu darajar miliyan 15.4, albashin wata 103. Idan ta gaza da kashi 3, miliyan 6.5 kawai, albashin wata 43, ƙasa da abin da aka zuba.

Ƙirga asusu da watannin albashi ya fi ƙirga shi da miliyoyi faɗin gaskiya, domin mai ritaya wata-wata zai ci. Idan Allah ya ba shi shekara 20 bayan barin aiki, wata 240 ke nan. A raba miliyan 9.7 a kansu, a samu wajen naira 40,000 a wata, ɗan sama da rubu'in albashin da ya saba. A hali mai kyau zai samu wajen 64,000, a maras kyau 27,000. Wannan kuwa kafin ya ɗebi wani dunƙulallen kaso ranar ritaya, wanda zai ƙara rage na watan. Kukan da 'yan fansho na sabon tsari ke yi cewa abin da ake ba su ba ya kai su ko'ina, ga tushensa nan.

A wannan ma'aunin ne kuma nauyin caji ke fitowa sosai. Idan abin da kuɗin ya samo sama da hauhawar farashi kashi 3 ne kafin caji, to 1.65 ya ci fiye da rabinsa. Idan babu riba ta gaskiya a shekarar, cajin na nan daram, daga uwar kuɗi za a ɗauka. Na waɗanda suka yi ritaya kuwa an tsara shi daban, inda ake ɗaukar kashi 7.5 na ribar da aka samu maimakon a ɗora shi a kan dukiyar.

Akwai ƙofofi biyu da doka ta buɗe na taɓa kuɗin kafin lokaci. Wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, na iya karɓar har kashi 25 na asusunsa. Tun 2022 kuma ana iya amfani da har kashi 25 a biya kason farko na bashin sayen gida. A lissafin farko, asusun ya kai wajen miliyan 5.2 a shekara ta goma. Rubu'insa miliyan 1.3 ne, kuma da an bar shi shekara 20 da suka rage, da ya zama kusan miliyan 8.7. Magidancin da aikinsa ya tsaya, ga iyali, ga mai gida na ƙwanƙwasa ƙofa, ba wanda zai ga laifinsa idan ya karɓa, don haka ma aka yi tanadin. Gida kuma kadara ce da ke bin farashi sama, tana kuma raba mutum da biyan haya a tsufansa, don haka musayar na iya yin ma'ana. Wanda bai yi dabara ba shi ne mai karɓa don kawai an ce ya cancanta, ya sa a biki ko ya canza mota.

Ta ɗaya ɓangaren, doka ta yarda ma'aikaci ya ƙara zubi na ganin dama ta hannun mai biyansa albashi. Naira 5,000 a wata na tsawon shekara 30 naira miliyan 1.8 ce daga aljihu, a kan ribar kashi 10 kuma ta kusa miliyan 10. Dokar 2014 ta ce idan aka cire irin wannan kuɗi kafin shekara biyar, za a biya haraji a kan ribarsa. Ko ƙarin ya dace da mutum, wannan ya danganta da abin da zai yi da kuɗin in bai zuba ba. Wanda ke da sana'ar gefe ko gona da ke ba shi ribar da ta zarce hauhawar farashi na da hujjar sa kuɗinsa can. Wanda kuwa ya san 5,000 ɗin za ta narke ne a katin waya da 'yan buƙatun yau da gobe, asusun da ba ya iya taɓawa cikin sauƙi ya fi masa, ko da ribarsa na ɗan bin bayan farashi. Idan zai yi, ya fi kyau ya ɗaure ƙarin da kaso na albashi, kamar kashi 3, maimakon tsayayyen adadi, domin naira 5,000 da ke da ɗan nauyi yau ba za ta sayi abin kirki ba nan da shekara goma sha biyar, amma kashi 3 zai riƙa hawa duk lokacin da aka yi ƙarin albashi ko ƙarin girma.